Abin da ɗan kasuwa zai faɗa wa kamfanin inshora kafin ya sa hannu a fom, don kada a hana shi diyyar gobara

Ɗan kasuwa na iya biyan kuɗin inshorar gobara shekara da shekaru ba fashi, amma ranar da wuta ta cinye masa kaya kamfani ya ce ba zai biya ko sisi ba. Ɗaya daga cikin hujjojin da kamfani ke iya kafawa ita ce, tun ranar cike fom mai kayan ya ɓoye wani muhimmin bayani, ko ya ba da amsar da ba gaskiya ba.

Mene ne muhimmin bayani?

A dokar inshora, muhimmin bayani shi ne duk wani abu da zai yi tasiri a kan shawarar kamfani mai lura, wajen karɓar haɗarin ko ƙin karɓarsa, ko wajen yanke kuɗin da za a biya. Mizanin ba ya duba abin da mai shago ke ganin muhimmi ne. Abin da ake tambaya shi ne, da kamfani ya sani, da ya sauya farashi ko sharuɗɗa?

Asalin ƙa'idar daga Ingila yake. A shari'ar Carter da Boehm ta 1766, alƙali Lord Mansfield ya yi bayanin cewa mai neman inshora ne ya fi sanin halin da dukiyarsa ke ciki, kamfani kuwa da maganarsa yake dogara, don haka wajibi ne a yi gaskiya tsantsa. Dokar inshorar jiragen ruwa ta Birtaniya ta 1906 ta rubuta wannan ƙa'ida, ta Najeriya ta 1961 kuma ta bi sahunta.

Dokar Inshora ta Najeriya ta 2003, wadda ta yi aiki fiye da shekara 20 kafin sabuwar dokar 2025 ta maye gurbinta, ta sassauta wa mai neman inshora. Sashe na 54 ya ɗora wa kamfani nauyin tsara fom ɗin da zai tambayi duk abin da yake ganin muhimmi, abin da bai tambaya ba kuma ana ɗaukarsa ba muhimmi ba. Wannan ne ya sa fom ya zama filin da ake ci ko a faɗi.

Misalin wani sito

A ɗauka wani mai sayar da atamfa da shadda a Kano yana da sito da kayan naira miliyan 20 a ciki. Misali ne kawai, haka ma alƙaluman. Fom ɗin da aka ba shi ya yi tambayoyi uku da za su dawo su cije shi: ko an taɓa yin gobara a wurin cikin shekara biyar da suka wuce, ko ana ajiye abu mai saurin kama wuta, da kuma ko wani kamfani ya taɓa ƙin yi masa inshora ko ya soke ta.

Shekara uku baya, waya ta taɓa yin tartsatsi ta ƙone dila biyu, maƙwabta suka kashe wutar kafin ta yi nisa. Mai siton bai ɗauke ta gobara ba, sai ya amsa da a'a. A bayan ƙofa kuma akwai jarkoki huɗu na fetur, kowace lita 25, na janareta. Ya ga ai ba fetur yake sayarwa ba, nan ma ya ce a'a. Tambaya ta uku ya amsa ta daidai. Kamfani ya yanke masa naira 100,000 a shekara.

Bayan wata bakwai wuta ta tashi cikin dare ta cinye kayan miliyan 12. Kamfani ba ya biya da jin labari. Yakan turo mai tantance asara, wanda zai duba inda wutar ta faro, ya nemi rahoton hukumar kashe gobara, ya duba rasiɗai, ya kuma zanta da maigadi da maƙwabta. Narkakkun jarkoki ba sa ɓuya a cikin toka. Maigadi kuwa, da zuciya ɗaya, zai iya cewa ai wannan ce ta biyu.

Daga nan kamfani zai ce da ya san da lita 100 na fetur kusa da yadi, da tarihin wayar da ta taɓa kamawa, da ya ƙara kuɗi, ko ya sa sharaɗin a fitar da man waje a kuma sake wayoyi, ko ya ƙi gaba ɗaya. A tsohuwar ƙa'ida, hukuncin shi ne a warware yarjejeniyar tun daga tushe, tamkar ba a taɓa ƙulla ta ba. Idan babu zamba, a mayar masa da 100,000 ɗinsa, asarar miliyan 12 kuma ta zama tasa. Abin da ya fi zafi shi ne, a wannan ƙa'ida ba lallai ne abin da aka ɓoye ya zama shi ya haddasa wutar ba, kuma rashin mugun nufi ba ya wanke amsar da ba daidai ba.

Da ya rubuta gaskiya, abin da zai same shi bai wuce ƙarin kuɗi ko sharaɗi ba. Ya isa ya rubuta shekarar da wayar ta kama, kimar abin da ya ƙone, da gyaran da aka yi bayan nan, sannan ya faɗi yawan man da inda ake ajiye shi.

Tarkon wakili

Yawancin ’yan kasuwa ba su ke cike fom da hannunsu ba. Wakilin kamfani ne ke zuwa shago, ya yi tambaya da baki, ya rubuta da Turanci, a sa hannu. Wakilin kamasho yake ci, don haka yana da dalilin son a gama da wuri. Dokar 2003 ta ce wakilin da ya taimaka wajen cike fom ana ɗaukarsa wakilin mai neman inshorar ne a wannan aikin, har ta wajabta a buga wannan gargaɗi a shafin farko. Ma'ana, kuskurensa na iya zama kuskuren mai shago. Dokar ta kuma ce bayanin da aka yi wa wakili a cikin hurumin aikinsa tamkar an yi wa kamfani ne, sai dai maganar baka tana da wuyar tabbatarwa bayan wuta ta ci.

Saboda haka kada a sa hannu a fom da ba a cike ba. A sa wani amintacce ya karanta kowace amsa, a cike kowane gurbi maimakon a ja layi, a ɗauki hoton dukkan shafukan. Idan gurbi bai isa ba, a haɗa da wasiƙa mai kwanan wata, a karɓi kwafi mai hatimin kamfani.

Ba komai ake buƙatar faɗa ba. Abin da kowa ya sani, kamar yawaitar gobara a lokacin hunturu, ko abin da kamfani ya riga ya sani, ba dole ba ne. Abin da ke rage haɗari ma ba dole ba ne, amma ambaton na'urar kashe wuta na iya rage farashi.

Wajibcin ba ya ƙarewa da sa hannu. Yana nan har a ƙulla yarjejeniya, kuma yana dawowa duk lokacin sabuntawa, domin inshorar gobara ta shekara-shekara ce. Wanda ya ba mai walda ko mai sayar da katifa haya a rabin sito a tsakiyar shekara, ya sanar da kamfani a rubuce nan take, don yarjejeniyoyin gobara kan ƙunshi sharaɗin sanar da sauyin amfani da gini. Haka abin yake a kamfanonin takaful.

Idan kamfani ya ƙi biya, a nemi dalili a rubuce, da ainihin tambayar da ake cewa an amsa ba daidai ba, a gwada da kwafin fom da ke hannu. In ba a daidaita ba, ana kai ƙorafi ga Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, wadda ke da sashen sauraron koke-koke, kuma ƙofar kotu a buɗe take.