Girmamawa a Nahawu da Ladabin Iya Magana: Me Ya Raba Su?

Ni ɗan Kontagora ne, amma na daɗe ina zaune a Sabon Ibadan, kuma a nan aka haifi yarana. Abubuwa biyu da suka faru da ni su suka sa na zauna na yi wannan bayani, domin na san duk wanda ke zaune a Kurmi, ko a Agege ne ko Shagamu ko Abekuta, ya taɓa cin karo da irinsu.

Na farko, ina sabon zuwa, wani dattijo Bayarabe da nake haya a gidansa ya yi mini alheri. Na durƙusa, na sassauta murya, na ce masa "o she", wato na gode. Sai na ga fuskarsa ta canja. Daga baya aka ce mini ai "e she" ake ce wa babba, "o she" na yaro ne ko tsara. Na biyu, wata Sallah na kai ɗana gida Kontagora. Ya je wajen kakansa yana tsaye ƙiƙam, ya miƙa masa hannu ya ce, "Baba, ku ba ni goron Sallah." Kakarsa ta ce, "Kai, wannan yaro ba a koya masa gaisuwa ba ne?" Yaron ya rasa laifinsa, don shi a ganinsa tunda ya ce "ku", ya gama girmamawa.

Ni da ɗana kuskure ɗaya muka yi, sai dai kowa ta nasa ɓangaren. Ni na kawo ladabin jiki na bar nahawu, shi kuma ya kawo nahawu ya bar ladabin jiki.

Ma'anar abubuwan biyu

Girmamawa ta nahawu ita ce wadda harshe ya gina a cikin ƙirar jimla, a wakilin suna ko a jikin aikatau. Mai magana ba ya iya kauce mata. Da ya buɗe baki sai ya zaɓi siga ɗaya cikin biyu ko uku, kuma kowace ya zaɓa ta faɗi matsayin da ya ba mutum. Babu siga ta tsaka-tsaki da zai fake a cikinta.

Ladabin iya magana kuwa dabara ce da mutum yake zaɓa gwargwadon wuri da lokaci: ya fara da gaisuwa, ya yi addu'a, ya kewaya maimakon ya faɗi abu kai tsaye, ya sakaya suna, ya rage murya. In ya bar su, jimlarsa daidai take a nahawu, sai dai a ce ba shi da tarbiyya.

Ga gwaji mai sauƙi da nake amfani da shi. Cire abin da ke nuna girmamawar, ka duba abin da ya rage. In abin da ya rage ya koma maganar da ake yi wa yaro kawai, to girmamawar a nahawu take. In kuwa ya rage jimla ce da za a iya faɗa wa kowa, sai dai ta bushe, to dabara ce.

Kiran uba ya ci abinci a harsuna uku

Bari mu ɗauki magana guda mu bi ta. An gama tuwo, kana so mahaifinka ya ci.

A Yarbanci, ƙanenka za ka ce wa "wa jeun", zo ka ci abinci. Mahaifinka kuwa dole ka ce "e wa jeun". Wannan "e" ɗin asalinsa na jam'i ne, kamar "ku" namu, amma ya zama na dole ga duk wanda ya girme ka, ko da yayanka ne da ya ba ka 'yan shekaru kaɗan. Abin bai tsaya a gaban idonsa ba. Ko ba ya nan, in za ka ce ya iso, ba ka cewa "o ti de", sai "won ti de", wato sun iso. Ka ga kenan girmamawar tana bin mutum har bayan idonsa, kuma wannan babbar alama ce ta cewa ta shiga nahawu.

Japananci ya fi haka zurfi, don shi aikatau ɗin ne ma yake canjawa. Kalmar ci ta yau da kullum ita ce "taberu". In babba ne yake ci sai a ce "meshiyagaru", a ɗaga shi. In kai ne kake ci a gaban babba sai ka ce "itadaku", ka ƙasƙantar da kanka. Aiki ɗaya, kalma uku, kuma wanda ya musanya su ya yaba wa kansa ya rage wa baƙonsa daraja.

To a Hausa fa? A gidanmu na Kontagora ba wanda zai ce wa tsoho "zo ka ci abinci". Amma ba wakilin suna muke canjawa ba, maganar gaba ɗaya muke sake wa hanya. Za ka durƙusa ka ce, "Baba, ga abinci," ko "Baba, an kawo abinci." Ba umarni a ciki ko kaɗan, labari kawai ka ba shi, shi ya san abin yi. Ba ka ma ce kai ka kawo ba, ka ce "an kawo". Hausa ba ta da wata siga ta musamman ta ba babba umarni, saboda haka sai mu guje wa umarnin.

Shaida daga fadar Sarkin Sudan

In da akwai wurin da Hausa za ta tilasta jam'in girmamawa, ai fada ce. Masarautar Kontagora gidan sarauta ne mai asali. Umaru Nagwamatse ne ya kafa ta, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma har yau sarautar Sarkin Sudan ake kiranta. Marigayi Alhaji Sa'idu Namaska ya riƙe ta daga 1974 har rasuwarsa a 2021, sannan aka naɗa Alhaji Muhammad Barau Mu'azu.

Ka saurari mai gaisuwa a fada. Zai tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zube, ya yi jinjina, ya ce, "Ranka ya daɗe. Allah ya ja zamaninka. Allah ya ba ka nasara." Duba da kyau: ranKA, zamaninKA, ba KA. Wannan "ka" ɗin shi ne dai wanda ake ce wa yaron da aka aika sayen gishiri. Ba wanda ya taɓa jin haushi, domin "ka" da "ki" a Hausa jinsi suke rarrabewa, namiji ko mace, ba matsayi ba. Yarbanci shi kuma bai damu da jinsi a wakilin suna ba, girma yake rarrabewa. Kowane harshe da abin da ya tilasta wa mai shi.

To ina girmamawar take? Tana cikin addu'ar, da zubewar, da rashin ambaton sunan yanka, da kuma yadda fadawa ke amsawa a madadin sarki su ce, "Sarki ya gaishe ka."

Abubuwan da ke tsakiya

Kada a ɗauka Hausa ba ta da komai da ya yi kama da girmamawar nahawu. Akwai, sai dai ba su kai ga zama dole ba.

Akwai "ku" da wasu ke yi wa babba, kamar "Baba, kun dawo?" Yana da daɗin ji, amma wanda ya ce "Baba, ka dawo?" cikin ladabi bai yi laifi ba. Sau da yawa ma mai ji zai ɗauka shi da iyalinsa ake nufi, kamar a "kun tashi lafiya?"

Akwai "a" da "an" da "ana", wakilin sunan da ba ya nuna kowa. Suruki zai ce wa surukinsa, "An zo lafiya? A shigo mana." Da wannan ya kauce wa "ka" da "ku" duka. Nahawu ne ya ba da kayan aikin, amma kunya ce ta sa aka ɗauko shi.

Akwai kuma zaɓin kalma da sakaya suna. Akuya mutuwa take yi, amma mutum sai a ce ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya. Malami "Allah ya gafarta Malam" ake ce masa. Mace takan ce "maigidan" ko "Malam" ba ta kama sunan miji ba, iyaye sukan ɓoye sunan ɗan fari, yaron da ya ci sunan kakansa kuma ya koma Abba ko Baba. Waɗannan sun kafu ƙwarai, amma al'ada ce ke tsare su. Wanda ya karya, ba a cewa bai iya Hausa ba, sai a ce ba shi da kunya.

Abin da masana suka ce

A littafinsu na 1987, Penelope Brown da Stephen Levinson sun bayyana ladabi a matsayin dabarun da mai magana ke zaɓa don kare mutuncinsa da na abokin magana. Wata masaniya 'yar Japan, Sachiko Ide, ta yi musu gyara a 1989. Ta nuna cewa a harshe irin nata, akasarin girmamawa ba zaɓi ba ne, gane matsayinka ne da bin abin da ya wajaba. In ka auna, bayanin farko ya fi dacewa da Hausa, na biyu kuma da "e" na Yarbawa.

Inda ake tuntuɓe

Kuskuren nahawu a fili yake, kalma ɗaya ce, nan take ake ji, kuma gyaransa ba wuya. In kana shakkar shekarun Bayarabe, ka ce "e". Babba ba zai ji haushi ba, yaro kuma dariya kawai zai yi.

Kuskuren dabara ya fi wuyar ganewa, don ba kalma guda da za a nuna maka. Alamarsa a wajen mai sauraro take: ya gajarta amsa, ya kau da kai, ko ya ce "to, madalla" ya yi shiru. Haka kuma siga mai kyau ba ta wanke mugun nufi. Ana iya zagin mutum da "e" a baki, kamar yadda ake ce wa wani "ranka ya daɗe" ko "su Alhaji manya" da gatse.

Yaranmu da suka tashi a Kurmi suna ɗaukar "e" su mayar da shi "ku", su zaci shi kenan. Washegari na zaunar da ɗana na ce masa "ku" ɗinsa ba laifi, amma a gida ba shi ne ma'auni ba. Ya koma ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ce, "Baba, ina kwana, an yi Sallah lafiya?" Ya yi shiru, bai roƙi komai ba. Tsohon ya yi murmushi, ya sa hannu a aljihu da kansa.