Laso da rij: lissafin da ke hasashen talaucin gari, da yadda ake zaɓar tararsa

A 2016, mujallar kimiyya ta Science ta wallafa binciken Neal Jean da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford, waɗanda suka yi hasashen wadatar garuruwa a Najeriya da Tanzaniya da Yuganda da Malawi da Ruwanda ta amfani da hotunan tauraron ɗan'adam. Kwamfuta ta tsamo alamomi 4,096 daga hotunan kowane yanki, alhali garuruwan da aka shiga aka yi wa magidanta tambayoyi a kowace ƙasa ɗaruruwa ne kawai. Matsalar a nan ita ce alamomi sun fi garuruwa yawa, kuma da dabarar da ake kira rij suka warware ta. Tunda irin wannan lissafi na iya shafar wanda zai shiga rajistar tallafi, ya dace a san yadda yake aiki da inda yake kuskure.

Idan alamomi suka yi yawa

Mu ɗauki misali na ƙiyasi. A ce an ziyarci gidaje 200 a mazaɓar Fakku da ke ƙaramar hukumar Kebbe a jihar Sakkwato, an auna abin da kowane gida yake kashewa a wata, an kuma rubuta alamomi 300 game da shi, kamar irin rufin ɗaki, yawan shanu, mallakar babur ko rediyo da nisan rijiya. Manufa ita ce a ba kowace alama nauyi, ta yadda idan an je gidan da ba a auna ba, za a iya hasashen halinsa daga alamominsa kaɗai.

Tsohuwar hanya tana zaɓar nauyin da zai rage kuskure a kan gidajen da ke hannu. Amma idan alamomi 300 ne, gidaje 200, lissafin zai iya dacewa da kowane gida ba tare da kuskuren ko kwabo ba, ko da alamomin shirme ne. Wannan hadda ce irin ta ɗalibin da ya haddace amsoshin bara: da zarar an kai shi sabon gida, sai ya watse.

Tara iri biyu

Maganin shi ne a ɗora wa lissafin tara a kan girman nauyin da yake rabawa. Arthur Hoerl da Robert Kennard suka fito da rij a 1970, Robert Tibshirani kuma ya gabatar da laso a 1996. Kowannensu yana neman nauyin da zai rage jimillar abu biyu, wato kuskure da tara:

```
rij:   Σ(y − ŷ)² + λ Σ β²
laso:  Σ(y − ŷ)² + λ Σ |β|
```

Harafin β shi ne nauyin alama, λ kuma, da ake kira lamda, shi ne tsananin tarar. Bambancin ya fi fitowa a yanayi mafi sauƙi, inda alamomin ba su da alaƙa da juna kuma an daidaita su a kan ma'auni guda. A ce tsohuwar hanya ta ba rufin kwano nauyin 6, shanu 3, rediyo 0.9, launin ƙofa 0.6, sannan aka sa lamda a kan 2. Rij zai raba kowane nauyi gida uku, su koma 2 da 1 da 0.3 da 0.2. Laso kuwa zai zabge 1 daga kowanne, wanda bai kai 1 ba ya koma sifili, sai a sami 5 da 2 da 0 da 0.

Ke nan rij yana rage kowa amma ba ya korar kowa, laso kuwa yana sallamar masu rauni baki ɗaya. Shi ya sa rij ya dace da aiki irin na hotunan tauraro, inda dubban alamomi masu kama da juna kowace ke ɗauke da ɗan bayani. Laso ya fi amfani idan ana son gajeriyar takardar tambayoyi da ma'aikaci zai iya cikewa a ƙofar gida. A duka biyun wajibi ne a fara daidaita ma'aunin alamomi, in ba haka ba tarar da za ta hau kan nisan rijiya za ta dogara ne da ko da mita aka auna shi ko da kilomita.

Gwajin karɓa-karɓa

Saura tambayar nawa ya kamata lamda ta kasance. Idan ta yi ƙasa, hadda ta dawo. Idan ta yi yawa, nauyi ya narke, lissafin ya ba kowane gida kusan amsa ɗaya. Ba a kuma iya zaɓar ta da duba kuskure a kan gidajen da aka koya daga gare su, domin a can kullum rashin tara ne zai yi nasara.

Don haka ake raba gidajen 200 kashi biyar, kowane kashi gidaje 40. A ɓoye kashi ɗaya, a koyar da lissafin da gidaje 160, a gwada shi a kan 40 ɗin da bai gani ba. A maimaita sau biyar har kowane kashi ya karɓi zagayensa na ɓoyewa, a fitar da matsakaicin kuskure. Ana yin haka ga jerin lamda masu yawa. A misalinmu, a ce kuskuren hasashen kuɗin wata ya kai naira 30,000 da ƙaramar tara, ya sauka zuwa 18,000 da matsakaiciya, ya sake hawa zuwa 26,000 da babba. Ta tsakiyar ake ɗauka, a sake koyar da lissafin da dukan gidajen. A manhajar R, umarnin `cv.glmnet` ne ke yin wannan aiki.

Inda ake tuntuɓe

Babban tarko shi ne yadda aka raba kason. Maƙwabta suna kama da juna. Idan aka yi rabon da ƙuri'a, gidan wa ya faɗa cikin na koyo, gidan ƙanensa cikin na gwaji, lissafin zai ci jarrabawa da satar amsa. Idan manufa ita ce hasashen ƙauyukan da ba a shiga ba, to ƙauye sukutum ake ɓoyewa. Idan kuskure ya yi tsalle bayan an canza rabon zuwa na ƙauyuka, adadin farko ruɗi ne.

Na biyu, kuskuren lamdar da ta yi nasara yakan fito ƙasa da gaskiya, tunda da shi aka zaɓe ta. Sahihin adadi sai daga gidajen da aka keɓe tun farko, ba a taɓa su ba sai a ƙarshe.

Na uku, jerin alamomin da laso ya bari ba jerin musabbaban talauci ba ne. Idan rufin kwano da daɓen siminti suna tafiya tare, laso na iya ɗaukar ɗaya ya yar da ɗaya, kuma cire gidaje kaɗan na iya juya zaɓin. Haka kuma tara tana jan hasashe zuwa tsakiya, don haka gidan da ya fi kowa talauci yakan fito da alamar ya ɗan fi ƙarfin halinsa, abin da ka iya tsallakar da shi layin cancanta.

Ko a binciken 2016, lissafin ya bayyana kashi 55 zuwa 75 cikin 100 na bambancin kadarori tsakanin garuruwa, amma a kuɗin da ake kashewa ya tsaya tsakanin kashi 37 zuwa 55, kuma matsakaicin gari ya auna, ba gida ɗaya ɗaya ba. Duk hukumar da ta ce lissafi ne ya fitar mata da jerin mabuƙata, akwai tambayoyi uku da ya kamata ta amsa: da gidaje nawa aka koyar da shi kuma a wace shekara, gidaje aka ɓoye wajen gwaji ko ƙauyuka, sannan cikin talakawa 100 na haƙiƙa nawa ya tsallake.