Yawan sauyin ma'aikata a gidajen abinci na Kafanchan: dalilai, lissafin asara da hanyoyin riƙe na kirki

Sauyin ma'aikata shi ne yawan mutanen da ke barin wurin aiki a cikin wani lokaci, har a nemi waɗanda za su maye gurbinsu. Sana'ar sayar da abinci na daga cikin sana'o'in da wannan matsala ta fi addaba, domin aiki ne na tsayuwa daga safe har dare, ga zafin murhu, ga ƙarancin albashi. A Kafanchan, hedikwatar ƙaramar hukumar Jema'a a kudancin jihar Kaduna, yanayin garin ya ƙara wa matsalar wasu siffofi nata na daban.

Kafanchan ta bunƙasa ne a matsayin mahaɗar layin dogo tun daga 1927, kuma har yau gari ne na matafiya da ɗalibai. Akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna da kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma a cikin garin, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya a kusa. Saboda haka ciniki yana hawa yana sauka tare da zangon karatu, kuma matasan da ke wanke-wanke da kai abinci sau da yawa ɗalibai ne ko masu jiran samun gurbin karatu.

Yadda ake auna matsalar

Ana raba adadin waɗanda suka bar aiki a shekara da matsakaicin adadin ma'aikatan gidan, sannan a ninka da 100. A ƙaddara wani gidan abinci kusa da tasha yana da ma'aikata 10: masu dafa abinci biyu, masu kai abinci uku, masu wanke-wanke biyu, mai dakan sakwara da tuƙin tuwo ɗaya, mai karɓar kuɗi ɗaya, da mai cefane ɗaya. Idan mutum 12 suka tafi a shekara, sauyin ya kai kashi 120 cikin 100.

Wannan adadi shi kaɗai ba ya nuna inda ciwon yake. Mai gidan yana bukatar littafi da zai rubuta ranar da kowa ya fara, ranar da ya tafi, da irin aikinsa. A misalin nan, mai yiwuwa ya tarar cewa tara daga cikin 12 ɗin sun fito ne daga gurabe biyar na kai abinci da wanke-wanke, kuma yawancinsu ba su cika wata uku ba. Wato gurabe kaɗan ne ake ta cikewa suna zubewa.

Lokacin tafiya yana bayyana dalilinta. Wanda ya gudu a makonnin farko galibi ya tarar da aikin ya bambanta da abin da aka faɗa masa, ko kuwa an jefa shi cikin cunkoson rana ba tare da an koya masa komai ba. Wanda ya tafi washegarin biyan albashi ya daɗe da yanke shawara, haƙƙinsa kawai yake jira. Wanda kuwa ya shekara biyu ko uku sannan ya tafi, yawanci ya ga babu ci gaba ne, sai ya nufi Abuja ko Jos, ko ya buɗe rumfarsa.

Dalilan da suka fi korar ma'aikata

Na farko shi ne rashin tabbas game da albashi, wanda sau da yawa ya fi ƙarancinsa ciwo. Ma'aikaciyar da ke zubin adashi ko biyan haya tana bukatar sanin ranar da kuɗi zai shigo hannunta. Idan aka ce mata ta jira sai kasuwa ta buɗe, ko kuma aka zaftare mata kuɗin farantin da ya fashe da na abokin cinikin da ya sulale bai biya ba, ba ta san abin da za ta karɓa ba sai ranar biya. Wasu masu gidajen abinci ma suna riƙe albashin wata guda wai don kada ma'aikaci ya gudu. Dabarar tana haifar da akasin abin da ake so, domin na kirki, wanda ke da inda za shi, shi ne ke fara tafiya.

Na biyu shi ne kuɗin zuwa da komawa. Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin acaɓa da na keke ya tashi. Ma'aikacin da ke zuwa daga Kagoro ko wani ƙauye na kewaye, idan yana kashe naira 600 a rana har kwana 26, ya kashe naira 15,600 a wata. Ga mai albashin naira 40,000, wannan ya haura kashi ɗaya bisa uku. Tashi daga aiki cikin dare yana ƙara tsadar, kuma a yankin da ya sha fama da matsalar tsaro, iyaye ba sa sakin jiki da tafiyar dare ta 'ya'yansu.

Na uku shi ne noma. Kudancin Kaduna ƙasar citta ce, musamman Kachia, Jaba da Kagarko. A farkon damina ana bukatar hannu wajen shuka, daga ƙarshen shekara kuma ana haƙa, ana yankawa, ana shanyawa. Aikin gona na biya nan take, kuma gonar gida ba ta jira. Kakar citta tana haɗuwa da lokacin da gidajen abinci suka fi cika, wato Kirsimeti da bikin Afan na Kagoro da ake yi ranar 1 ga Janairu.

Na huɗu shi ne wulaƙanci. Tsawa a gaban abokan ciniki, zargin sata ba tare da bincike ba, da kuma barin 'yan mata masu kai abinci ba kariya idan wani ya yi musu maganar banza, duk suna sa mutum ya tafi ko da albashinsa na zuwa daidai.

Abin da tafiyar mutum ɗaya ke ci

A koma ga gidan abincin da aka ƙaddara. Sabuwar mai kai abinci, mai albashin naira 40,000, tana bukatar kamar mako biyu kafin hannunta ya faɗa. A cikin makonnin nan rabin aiki take yi, don haka naira 10,000 daga albashinta sun tafi a koyo. A ƙara naira 5,000 na kuskuren oda da fashewar kwanuka. Idan jinkiri ya sa aka rasa faranti biyar a rana, ribar kowanne naira 400, a kwana 14 an rasa naira 28,000. Jimilla naira 43,000 ke nan, kuma sau 12 ya zama naira 516,000 a shekara. Tafiyar mai dafa abinci ta fi wannan tsada nesa ba kusa ba, domin ɗanɗanon miya ko gwate yana sauyawa da sauyin hannu, kuma masu ci kullum su ne ke fara lura.

A ce mai gidan ya ƙara naira 4,000 a wata ga gurabe biyar ɗin da ke zubewa, ga duk wanda ya cika wata uku. Idan duka biyar suka cancanta, zai kashe naira 240,000 a shekara. Idan masu tafiya suka ragu daga 12 zuwa shida, ya tsira da naira 258,000. Ƙarin ya biya kansa, amma da ƙyar. Ribar ta fi fitowa daga matakan da ba sa cin kuɗi sosai.

Matakan da doka ta riga ta shimfiɗa

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi da yawa daga cikin abubuwan da ke riƙe ma'aikaci. Sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da fara aikinsa, mai nuna irin aikin, albashi, sa'o'i da hutu. Shafi ɗaya da Hausa ko Turanci mai sauƙi, wanda aka karanta masa aka sa hannu, yana kashe gardamar abin da aka yi alkawari. Dokar ta kuma ce kada tazarar biyan albashi ta wuce wata ɗaya.

Sashe na 5 ya hana cin tarar ma'aikaci daga albashinsa. Ana iya cire kuɗin asarar da ya jawo da gangan ko da sakaci, amma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Sashe na 13 ya ba da hutun yini ɗaya a kowane kwana bakwai, da hutun sa'a ɗaya ga mai aikin sa'a shida ko fiye. Wanda ya cika wata 12 yana da hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki shida da albashinsa. Sashe na 11 kuma ya ƙayyade sanarwar rabuwa: kwana ɗaya idan aikin bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, sai wata ɗaya daga nan.

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, bai wajaba a kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma yawancin gidajen abinci na yankin suna cikin wannan rukuni. Duk da haka, da shi ma'aikaci ke auna abin da ake ba shi.

Matakan da suka dace da yankin

Zaman Musulmi da Kirista a wuri ɗaya dama ce wajen tsara jadawali. Ana iya ba wasu Juma'a, wasu Lahadi, a kuma yi musayar ranakun Sallah da na Kirsimeti, muddin an rubuta jadawalin an manna shi tun farkon wata. Raba yini gida biyu, na safe da na yamma, yana rage gajiya, sannan a sa waɗanda ke kwana kusa a aikin dare.

Game da noma, ya fi sauƙi a amince da hutun mako biyu tun da wuri, tare da tabbacin cewa gurbin mutum na jiransa, a kan a wayi gari ya ɓace. Ɗalibai masu hutu na iya cike giɓin, idan tun farko aka ɗauke su a matsayin na wucin gadi.

Sabon ma'aikaci kuma a haɗa shi da tsohon hannu na mako guda, a ba mai koyarwar ɗan ihsani. A nuna masa matakan da zai hau, daga wanke-wanke zuwa yankan kayan miya, zuwa mataimakin mai dafa abinci, kowane mataki da ƙarinsa. Wannan yana kuma kare gidan daga dogaro da mai girki ɗaya tilo.

Alamun mai shirin tafiya sukan bayyana da wuri: yawan makara ga wanda bai saba ba, neman a biya shi bashin albashinsa gaba ɗaya, da daina gardama a kan abin da da yake damunsa. Zama da shi na minti goma a keɓe a wannan lokaci ya fi amfani a kan tambayar dalili ranar sallama. Ba kowace tafiya ake iya hanawa ba, domin aure, karatu da buɗe sana'ar kai suna ɗaukar mutane ko da an kyautata musu. Abin da mai gidan zai duba a littafinsa bayan wata shida shi ne ko yawan masu tafiya kafin cika wata uku ya ragu. Idan bai ragu ba, sai ya sake duba abin da ake faɗa wa sabon ma'aikaci ranar ɗaukarsa da yadda makonsa na farko ke wucewa.