Yaɗuwar Kifi a Dam ɗin Challawa: Lissafin Lojistik da Matsayunsa na Daidaito

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci lissafin lojistik, wanda ke bayyana yaɗuwar halittu a wurin da abinci da sarari suke da iyaka, ta ɗora shi a kan kifin Dam ɗin Challawa da ke Ƙaramar Hukumar Ƙaraye. An fito da matsayun daidaito guda biyu, an bi yadda adadin kifi ke kusantar ɗaya yana gudun ɗaya, sannan an nuna yadda kamun kifi ke kawar da su daga inda suke.

Gabatarwa

A shekarar 1798 Thomas Malthus ya ce al'umma takan ninka kanta in ba abin da ya tare ta. Pierre-François Verhulst, masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, shi ne ya shigar da abin da ke tarewar cikin lissafi a 1838. Ga wanda ke yankin Ƙaraye da Rogo, misali mafi kusa shi ne Dam ɗin Challawa, wanda aka kammala a 1992. Da aka tare kogin, sai kifi irin su karfasa da tarwaɗa suka sami faffaɗan ruwa, amma ruwan yana da gaɓa, abincin cikinsa kuma yana da iyaka. Tafki ya fi yawan mutane dacewa da wannan lissafi, domin mutum yana ƙaura, yana kuma sayo hatsi daga wata kasuwa, kifin dam kuwa sai abin da ruwansa ya ba shi.

Lissafin da matsayunsa

A ce P shi ne nauyin kifin da ke ruwa a lokacin t, r shi ne saurin hayayyafa idan kifi ba shi da yawa, K kuma shi ne iyakar abin da ruwan zai iya ciyarwa.

```
dP/dt = rP(1 − P/K)
```

Ana kiransa lissafin sauyi mai mataki na farko, saboda saurin sauyin P kaɗai ya ƙunsa, kuma wannan sauri ya dogara ne ga adadin da ake da shi a yanzu. Idan P ƙarami ne, abin da ke cikin baka yana kusa da 1, sai yaɗuwa ta yi kama da ta Malthus. Yayin da P ke matsowa kusa da K, abin cikin bakan yana tafiya sifili, yaɗuwa tana lafawa.

Matsayar daidaito ita ce adadin da in aka kai shi ba ƙari ba ragi, wato inda dP/dt ya zama sifili. Wuri biyu ne: P = 0 da P = K. Halinsu ya bambanta ƙwarai. Tsakanin 0 da K, dP/dt yana sama da sifili, don haka ko kifi kaɗan aka zuba a ruwa zai ƙaru ya nisanci sifili. Wannan matsaya ba ta da ƙarko. A sama da K kuwa dP/dt yana ƙasa da sifili, adadi zai ragu. Ke nan ta sama da ta ƙasa duk K ake nufa, ita ce matsaya mai ƙarko.

Yadda ake kusantar K

Idan aka ware P gefe guda, t gefe guda, aka warware, ana samun:

```
P(t) = K / (1 + A·e^(−rt))
A = (K − P0) / P0
```

Bari mu ɗauki adadi na misali, waɗanda aka zaɓa don sauƙin lissafi: K tan 1,000, r kuma 0.5 a shekara, kifin farko P0 tan 100. Ke nan A = 9. Bayan shekara 2 za a sami kimanin tan 232, bayan shekara 4 tan 451, bayan 6 tan 691, bayan 10 tan 943, bayan 15 tan 995.

Abin lura shi ne ƙarin da ake samu. A shekara biyun farko an ƙaru da tan 132. Tsakanin shekara ta 4 da ta 6 an ƙaru da tan 240. Shekara biyar ɗin ƙarshe kuwa tan 52 kacal suka kawo. Yaɗuwa ta fi sauri a daidai rabin K, wato tan 500, wanda ake kaiwa bayan kimanin shekara 4.4, kuma saurin a nan rK/4 ne, tan 125 a shekara. Dalilin a fili yake: a ƙasa da haka iyaye sun yi kaɗan, a sama da haka bakuna sun yi wa abinci yawa.

A kusa da K, giɓin da ya rage yana raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 1.4, wato ln2/r. Rabin giɓi ba ya taɓa zama sifili, shi ya sa P ke ta matsowa ba tare da ya taɓa K ba, balle ya tsallake ta. Ɗalibai sukan zana layin yana haye K sannan ya dawo, wannan kuwa kuskure ne, domin a irin wannan lissafi layukan amsa biyu ba sa gittawa juna, kuma P = K ita ma amsa ce. Idan aka faro daga sama, a ce tan 1,500, A zai zama −1/3, adadin ya sauko zuwa 1,140 a shekara 2, zuwa 1,047 a shekara 4. Saukowar tana farawa da ƙarfi ta yi ta sassautawa, ba ta da lanƙwasar da hawa daga ƙasa ke da ita.

Idan masunta suka shigo

A ganina nan ne lissafin ya fi shafar mutanen bakin ruwa. A ce ana kama tan H kowace shekara:

```
dP/dt = rP(1 − P/K) − H
```

Idan H tan 80 ne, matsayun sun koma 200 da 800. Ta sama, 800, ita ce mai ƙarko. Ta ƙasa, 200, ta zama bakin rami: muddin kifi ya fi haka zai farfaɗo ya nufi 800, in kuwa ya gaza haka, kamun ya fi haihuwa, zai yi ta raguwa har ya ƙare, kuma a wannan karon cikin ƙayyadadden lokaci. Idan aka ƙara H, matsayun biyu suna matsowa kusa da juna, su haɗe a 500 lokacin da H ya kai 125. Da zarar an wuce haka babu sauran matsaya. Abin da ke tayar min da hankali shi ne kamun tan 120 a shekara yana iya ɗorewa shekaru ana ganin lafiya lau, alhali matsayun suna 400 da 600, kuma mummunar shekara guda ta isa ta jefa kifin ƙasa da 400.

Iyakokin lissafin

Lissafin ya ɗauka K ba ta sauyawa, alhali ruwan Challawa yana cika da damina, ya ja baya da rani idan ana sakinsa domin noman rani da sauran buƙatu a ƙasan kogi. Ya kuma lissafa kifi duka a matsayin abu guda, bai raba mai ƙwai da ɗan tsako ba, don haka ɓarnar raga mai ƙananan idanu ba ta fitowa a cikinsa.

Ana iya gwada dacewarsa. A auna ƙarin da kowane tan ke kawowa a shekara, a zana shi a kan P. Idan lojistik ya dace, a ruwan da ba a kamu za a ga miƙaƙƙen layi mai gangarowa daga r, ya taɓa sifili a K. Idan aka ga adadi yana haye K yana dawowa, to akwai jinkiri tsakanin haihuwa da girma, ko K ɗin ce ke motsi. Tun da ba a ƙirga kifi a cikin ruwa, ma'aunin da aka saba amfani da shi shi ne abin da jirgi ɗaya ke kamawa a fita ɗaya da irin raga ɗaya. In jimillar kamu tana nan yadda take, amma rabon kowane jirgi yana raguwa shekara bayan shekara, alama ce P na gangarowa.