Gumi da Makomar Bitamin B1: Kwatanta Shinkafa Mai Dusa, Fara da Turararriya

Tsakure

Maƙalar nan ta kwatanta amfanin da jiki ke samu daga shinkafa iri uku: mai dusa wadda buntu kaɗai aka cire mata, fara wadda aka goge, da turararriya wadda aka guma tun tana shanshera. An dogara ga alƙaluman sinadaran abinci na Ma'aikatar Noma ta Amurka, da gwajin da aka yi a Kuala Lumpur a farkon ƙarni na 20. An gano cewa ta fuskar kuzari da furotin ukun kusan ɗaya suke, kuma babban bambancinsu yana ga bitamin B1. Gumi yana ceto wajen rabin wannan bitamin, amma ba ya ceto harza da magniziyam. Maƙalar ta kuma nuna yadda wanki, tace ruwa da kanwa ke rage abin da gumi ya adana.

Gabatarwa

A kasuwa, da yawa daga masu saye da launi suke rarrabe shinkafa. Idan suka ga ta yi ɗorawa-ɗorawa sai su ɗauka ita ce mai dusar da likitoci ke yabo, alhali sau da yawa turararriya ce da aka goge sarai. Don haka sai an fara da ƙwayar kanta.

Ƙwayar shanshera hawa-hawa take. A waje akwai buntu, wanda ba a ci, shi ne kusan kashi 20 cikin 100 na nauyinta. Ƙarƙashinsa akwai siririyar rigar dusa, sai ɗan idon da tsiro ke fitowa daga gare shi a gefe ɗaya, sannan farin ciki wanda galibinsa sitaci ne. Dusa da ido ba su wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙwayar da aka cire wa buntu ba, amma a nan ne mafi yawan bitamin, mai, harza da ma'adinai suka taru. In aka cire buntu aka tsaya, an sami mai dusa. In inji ya ci gaba da gogewa har dusa da ido suka fita, an sami fara, wato ɗanyen gumin da ake tuwo da waina da shi. Turararriya kuwa aikinta daban ne, domin kafin a kai ta inji ake jiƙa ta, a turara, a shanya.

Abin da alƙaluma suka nuna

A kowane giram 100 na ɗanyar shinkafa wadda ba a ƙara mata bitamin a masana'anta ba, ukun duka suna ba da kuzari wajen kilokalori 365 zuwa 375, da furotin tsakanin giram 7 da 8. Wanda ya sauya fara da mai dusa don ya rage kuzarin da yake ci bai rage komai ba. Amma bitamin B1, wanda masana ke kira tiyamin, ya kai wajen miligiram 0.4 a mai dusa, 0.2 a turararriya, sannan 0.07 kacal a fara. Haka ma niyasin da bitamin B6: turararriya tana dab da mai dusa, fara kuwa ba ta riƙe fiye da kashi ɗaya cikin uku ba.

Inda turararriya ta gaza shi ne harza, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa, mai sauƙaƙa bayan gida. Mai dusa tana da wajen giram 3.5, turararriya ƙasa da 2, fara ɗan sama da 1. A magniziyam ma mai dusa ta haura miligiram 100, sauran biyun kuwa ba su kai 30 ba.

Abin da ke faruwa a cikin tukunyar gumi

Me ya sa gumi ya ceci wasu ya bar wasu? Amsar tana cikin ruwa. Bitamin B1, niyasin da B6 duka masu narkewa a ruwa ne. Lokacin da shanshera ta kwana a jiƙe, ruwa yana ratsa buntu da dusa ya shiga har tsakiya, yana ɗauke da wani kaso na waɗannan bitamin. Da tururi ya buga, sai sitacin da ya sha ruwa ya nuna, ya haɗe, 'yan tsage-tsagen cikin ƙwayar su rufe. In ta bushe sai ta yi tauri da ɗan sheƙi, abin da ya shiga ciki ya kulle. Wani ɓangare na idon ƙwayar ma yakan manne da cikin, gogewa ba ta fizge shi gaba ɗaya. Harza ba ta narkewa, ba ta da hanyar shiga ciki, don haka tana bin dusa ta fita. Wannan taurin ne kuma ya sa turararriya ba ta karairayewa a inji, ɗaya daga cikin dalilan da suka sa masu sana'ar suke yin gumi, tun daga Indiya har zuwa matan Kura da na Kebbi.

Ba kowane gumi ba ne ke ba da sakamakon da ke sama. Idan aka jiƙa da ruwa mai ɗumi, wajen digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin Salsiyas, sa'o'i kaɗan sun isa. Idan aka bar ta kwana biyu ko uku a ruwan sanyi, sai ta fara tsami, ta yi wari, wani kaso na bitamin ya fita ya bi ruwan jiƙon da za a zubar. Idan jiƙon ko turarin bai kai ba, ana ganewa da ido: a ɗaga ƙwaya a haske, za a ga farin tabo kamar alli a tsakiyarta, alamar cewa zafi da ruwa ba su isa can ba. Idan wuta ta yi yawa, ƙwayoyin gindin tukunya su yi duhu, kuma zafin da ya wuce kima yana lalata tiyamin ɗin. Sai shanya: ana son danshi ya sauko zuwa wajen kashi 14 cikin 100. Shinkafar da ta daɗe da laima a damina tana iya yin funfuna, wasu nau'o'in funfunar kuwa suna fitar da gubar da ke cutar da hanta.

Lissafin kwanon mutum ɗaya

A ɗauki magidancin da shinkafa ce mafi yawan cimarsa, yana cin abin da ya kai giram 300 na ɗanya a yini, kuzari wajen kilokalori 1,100. Buƙatar namiji baligi ta tiyamin miligiram 1.2 ce a yini, mace 1.1, mai juna biyu 1.4. Daga mai dusa zai sami wajen 1.2, buƙatarsa ta biya. Daga turararriya zai sami wajen 0.6, rabi ke nan, wake da gyaɗa da ɗan nama su cike sauran. Daga fara zai sami 0.2 kawai.

Abin da ya sa wannan giɓin yake da haɗari shi ne aikin tiyamin ɗin. Da shi jiki ke ƙona sitaci ya mai da shi ƙarfi, saboda haka gwargwadon sitacin da aka ci, gwargwadon buƙatarsa. Ana ƙiyasta buƙatar a wajen miligiram 0.4 ga kowane kilokalori 1,000. In aka raba alƙaluman sama, farar shinkafa tana zuwa da kusan 0.2 ga kilokalori 1,000, turararriya wajen 0.6, mai dusa sama da 1. Wato fara ba ta ɗauke da isasshen bitamin da za a ƙona sitacinta da shi, sai jiki ya ranto daga ajiyarsa, ajiyar da ba ta wuce ta 'yan makonni ba. In ta ƙare sai cutar beriberi ta bayyana: mutuwar ƙafafu da jin kamar ana tsira allura, ko kumburi da gazawar zuciya. Jaririn da ke shan nonon uwa mai wannan ƙarancin yana iya rasuwa cikin 'yan kwanaki.

An ga wannan a zahiri tun kafin a san bitamin ɗin. A ƙarshen 1905, likita William Fletcher ya raba majinyatan asibitin masu taɓin hankali na Kuala Lumpur gida biyu, sauran abincinsu ɗaya, shinkafar ce kawai ta bambanta. A rahoton da ya buga a 1907, cikin mutum 120 da suka ci fara, sama da 30 sun kamu da beriberi, 18 suka mutu. Cikin 123 da suka ci turararriya ba wanda cutar ta kashe. Gwaji ne da yau ba za a yarda a yi wa marasa galihu irinsa ba, kuma bai kamata a yarda ba, amma sakamakonsa bai bar shakka ba. Sai a 1926 Jansen da Donath suka ware sinadarin daga dusar shinkafa a tsibirin Java.

Asarar da ake yi a madafa

Alƙaluman nan duka na ɗanyar shinkafa ne. Ɗan tiyamin da ya rage wa fara a bayanta yake, don haka wanki uku ko huɗu ana cuɗawa yana iya tafiya da kusan rabinsa. Turararriya ta fi jure wanki domin nata yana ciki. Amma akwai al'adar da ta bazu a gidajenmu, ta tafasa shinkafa, a tace, a ɗauraye, a mayar kan wuta, wadda ake kira fabolin. Sunan ya yi kama da na gumi a Turance, sai wasu suka zaci abu ɗaya ne. Kishiyoyi ne: gumi yana tura bitamin ciki, wannan kuwa yana fito da shi ya zubar a kwata. Kanwa ma, wadda ake jefawa a shinkafa da wake don wake ya yi saurin nuna, tana lalata tiyamin, domin ba ya jure irin ruwanta in da zafi.

Iyakar mai dusa

Duk da ta fi sauran a kan takarda, mai dusa tana da nata cikas. Man da ke cikin dusarta, wajen giram 3 cikin 100, yana fara lalacewa da zarar an cire buntu, kuma a ƙasa mai zafi cikin 'yan watanni sai ta yi ɗoyi da ɗaci. Dusar tana ɗauke da sinadarin fayitet, mai riƙe ƙarfe da zinki ya hana hanji tsotse su duka. Gubar asanik da shinkafa ke sha daga ƙasa da ruwa ma a dusa ta fi taruwa, shi ya sa ƙa'idar abinci ta duniya ta sa iyakar miligiram 0.2 a kilo ga gogaggiya, 0.35 ga mai dusa. Ga kuma daɗewa a wuta, wanda mai sayen itace ko gawayi ba zai raina ba. Ta fuskar hawan sukarin jini, turararriya galibi ta fi fara sauƙi, amma irin shinkafar da yawan abin da aka zuba a kwano suna da tasiri ƙwarai, don haka mai ciwon sukari kada ya ɗauke ta a matsayin magani.

Matsayar maƙalar

Ga gidan da ke da wadatar wake, ganye, ƙwai da nama, zaɓi tsakanin ukun bai da nauyi sosai, kuma wanda yake neman harza sai ya nufi mai dusa, ya saya kaɗan-kaɗan. Amma inda shinkafa ta zama cimar yau da gobe, kamar makarantun kwana, gidajen gyaran hali da sansanonin 'yan gudun hijira, turararriyar da aka guma da kyau ita ce ta dace. Muna kira ga masu sayo abincin waɗannan wurare da su zaɓe ta, masu dafawa kuma su wanke ta sau ɗaya ko biyu, su auna ruwan da za ta shanye duka, kada a tace, kada a sa kanwa.