Tasirin Gurbi a Kan Latsawa wajen Koya wa Injin Bincike Jera Sakamako

Injin bincike yana koyon jera sakamako ne daga misalai, kuma tun da Thorsten Joachims ya nuna a shekarar 2002 cewa ana iya horar da tsarin jerawa da bayanan latsawa, masana suka karkata gare su, domin sun fi hukuncin ƙwararrun masu tantancewa yawa da araha. Sai dai latsawa ba shaida ce tsantsa ta dacewar shafi ba, saboda mutum ba ya latsa abin da idonsa bai kai gare shi ba, ido kuwa daga saman jeri yake farawa. Wannan shi ake nufi da tasirin gurbi, wato ƙarin latsawar da shafi yake samu albarkacin wurin da aka ajiye shi kawai. A gwajin da Joachims da abokan aikinsa na Jami'ar Cornell suka wallafa a 2005, an bibiyi motsin idon masu bincike, aka kuma musanya sakamako biyu na farko na Google ba da saninsu ba, amma duk da haka gurbi na ɗaya ya ci gaba da rinjaye.

Hanyar gyara mafi shahara, wadda Joachims da Swaminathan da Schnabel suka tsara a 2017, ta ginu a kan zaton cewa latsawa tana buƙatar abu biyu: a duba gurbin, sannan shafin ya dace da buƙata. A ƙaddara, domin misali, kowa yana duba gurbi na ɗaya, amma mutum ɗaya cikin biyar ne yake kaiwa na biyar. An nuna shafuka biyu sau 1,000 kowanne. Na sama ya samu latsawa 200, na gurbi na biyar ya samu 80. Tsarin da ya ɗauki alƙaluman yadda suke zai fifita na sama, alhali shi ya gamsar da kashi 20 cikin 100 na waɗanda suka gan shi, shi kuwa na ƙasa, wanda mutum 200 kacal suka gani, ya gamsar da kashi 40. Gyaran shi ne a raba kowace latsawa da yiwuwar duba gurbinta, sai 80 ta koma 400, ta zarce 200. In ba a yi haka ba, tsarin zai riƙa tabbatar da tsohon jerinsa, domin abin da ya ɗora a sama shi ake latsawa, abin da aka latsa kuma shi yake sake ɗorawa.

Wahalar da ta fi cancantar kulawa ita ce gano yiwuwar duban kanta. Akan auna ta ta hanyar musanya gurabe da gangan ga wasu masu bincike, abin da yake rage musu ingancin sakamako. Kuma idan yiwuwar ta yi ƙanƙanta ƙwarai, latsawa guda ta kuskure a can ƙasa takan yi nauyin da zai jirkita horon, shi ya sa ake ƙayyade iyakar nauyin, ko da hakan ya dawo da wani ɓangare na karkatar. Shafin da bai taɓa fitowa cikin jerin da aka nuna ba kuwa, yiwuwar dubansa sifiri ce, wannan lissafi ba ya iya gyara matsayinsa sai an fara ba shi gurbi a gaban mutane.