Hoton ƙoda

hoton ƙoda (suna, namiji, jam'i: hotunan ƙoda). Binciken ƙoda da na'urar sautin da kunne ba ya ji, irin wadda ake duba juna biyu da ita.

Tsawon ƙodar baligi yakan kai santimita 9 zuwa 12. Idan duka biyun sun gaza 9, alama ce ta ciwon da ya daɗe yana cin su, ko da yake ciwon suga kan lalata ƙoda ba tare da ta ƙanƙance ba. Naman lafiyayyar ƙoda bai kai hanta haske a allo ba. Idan ya fi ta, akwai tabo ko kumburi, amma hoton ba ya faɗin dalili.

Idan fitsari ya taru ya buɗa mazubinsa a tsakiyar ƙoda, wurin yakan fito baƙi, da rassa kamar yatsun hannu. Tsakuwa ko kumburin mafitsarar maniyyi kan jawo haka. Sai dai cikakkiyar mafitsara da juna biyu ma suna kawo shi, don haka a sake dubawa bayan an yi fitsari. Ƙarfin aikin ƙoda kuwa, gwajin jini ke nuna shi.